Kumburin yaro da lambar albumin: abin da takardar gwaji take faɗa da abin da ba ta faɗa

A unguwannin Zango na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, ba baƙon abu ba ne uwa ta dawo daga asibiti da takardar gwajin jini a hannu, an ja layi a ƙarƙashin kalmar albumin, an ce mata ya yi ƙasa. Kafin ta ajiye mayafi an riga an fassara mata takardar a tsakar gida. Wannan ta ce jini ne ya ƙare, a sayo maganin ƙarin jini. Waccan ta ce a dafa masa ƙwai da yawa. Wata dattijuwa kuma ta dubi fuskar yaron da ta cika, ta ce wannan ba na asibiti ba ne. Duka ukun suna neman lafiyar yaron, amma babu wadda ta taɓo inda matsalar take, domin albumin ba shi ne abin da muke nufi da jini ba idan muka ce wane ba shi da jini, kuma ƙarancinsa alama ce ta wani ciwo da ke wani wuri a jiki.

Mene ne albumin, mene ne gulobulin

Idan aka ɗebi jini a kwalba aka juya shi a injin ɗakin gwaji, yakan rabu gida biyu. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin rawaya-rawaya ya taso sama. Wannan ruwan shi ne filazma, kuma ya kai kusan kashi 55 cikin 100 na jini. Mafi yawansa ruwa ne zalla, amma a kowace lita akwai furotin giram 60 zuwa 80 a narke. Lokacin da aka ce mutum yana da ƙarancin jini, maganar jajayen ƙwayoyin ƙasa ake yi. Albumin yana cikin ruwan sama, don haka yaro zai iya samun jajayen ƙwayoyi cikakku alhali albumin ɗinsa ya faɗi warwas.

Furotin ɗin filazma iri-iri ne, amma takardar gwaji takan kasa su biyu. Albumin shi ne mafi yawa, giram 35 zuwa 50 a lita. Hanta ce kaɗai take yin sa, wajen giram 10 zuwa 15 a rana a jikin babban mutum, kuma yakan ɗauki kusan mako uku kafin rabin wanda ke jiki ya tsufa a sauya shi. Sauran kuma, giram 20 zuwa 35 a lita, ana haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, gulobulin, ko da yake taron ma'aikata ne da kowa ke da aikinsa. Akwai mai ɗaukar sinadarin ƙarfe zuwa ɓargo inda ake ƙera jini, akwai mai ɗaukar sinadarin bitamin D, akwai kuma sojojin garkuwar jiki, waɗanda su ba hanta ce take yin su ba, wasu fararen ƙwayoyin jini ne.

Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta sakamako da g/L, wasu da g/dL. Lamba 16 a na farko ita ce 1.6 a na biyu. Wanda ya kwatanta takardar wannan wata da ta watan jiya ba tare da duba ma'aunin ba zai iya tayar da hankalin gida a banza.

Yadda albumin yake riƙe ruwa

Ƙananan jijiyoyin jini da suka ratsa tsoka da fata ba bututun roba ba ne. Bangonsu yana yoyo, kuma haka aka halicce shi, domin ta nan abinci yake isa ga tsoka. Bugun zuciya yana tura ruwa waje ta wannan bango, ruwa da gishiri su wuce cikin sauƙi. Albumin kuwa ya yi girman da ba ya wucewa sai kaɗan, sai ya tsaya a ciki yana janyo ruwa zuwa inda yake. Duk matar da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ta ga yadda ruwa yake bin inda abu ya fi kauri. Bambancin shi ne a jiki gishiri ba ya iya wannan aikin a bangon jijiya, tunda shi ma yana ficewa tare da ruwan. Wanda ya kasa fita shi ne yake da ƙarfin ja.

Wani masanin aikin jiki ɗan Ingila, Ernest Starling, ya bayyana wannan ja-in-ja a 1896. Ƙarfin jan furotin ɗin filazma ya kai kusan 25 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, kuma kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na wannan ƙarfi na albumin ne, saboda ƙwayoyinsa sun fi na gulobulin yawa nesa ba kusa ba. Ɗan ruwan da ya fi ƙarfin jan ya tsere, wasu siraran magudanai da ake kira limf suna kwashe shi su mayar cikin jini. Kumburi yana bayyana ne idan yoyon ya fi abin da magudanan za su iya kwashewa.

Yaro ɗan shekara biyar

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 5 a Aboabo. A watan da ya wuce nauyinsa kilo 16 ne. Wata safiya uwarsa ta ga fatar idanunsa ta kumbura kamar wanda ya kwana yana kuka, kafin azahar ta saɓe, sai ta ɗauka barci ne. Bayan kwana huɗu silifas ɗinsa ya daina shiga da yamma, robar wando ta bar zane a cikinsa, kuma fitsarin da ya yi a fo yana kumfa kamar an zuba omo, kumfar ba ta kwanciya. Da likita ta danna ƙwaurinsa da babban yatsa ta ɗaga, rami ya zauna. Sikeli ya nuna kilo 18 da rabi.

"Hajiya, wannan ƙarin ba ƙiba ba ce," in ji likitar, "ruwa ne, wajen lita biyu da rabi."

"To Dokta, ai ba ya shan ruwa fiye da da."

"Ba shan ne ya ƙaru ba. Wanda ya sha ne ba ya zama inda ya kamata."

Kumburin yana farawa a ido da safe domin fatar wurin sakwa-sakwa ce kuma yaron ya kwana a kwance. Da ya wuni a tsaye sai ruwan ya gangara ƙafa. An tsoma tsinken gwaji a fitsarinsa na farkon safiya, ya nuna 3+, wato furotin wajen giram 3 a kowace lita ko fiye. Takardar jini kuma ta fito kamar haka:

```
TP    42 g/L
ALB   16 g/L
GLOB  26 g/L
Ca    1.90 mmol/L
```

Layin farko jimillar furotin ne, na biyu albumin, na uku abin da ya rage idan aka cire na biyu daga na farko. Kumburi, da furotin mai yawa a fitsari, da albumin ƙasa da 30, idan suka haɗu likitoci suna kiran ciwon nefurotik, wato ƙoda mai yoyon furotin. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma a jikin mai lafiya albumin da yake kuɓuce musu zuwa fitsari bai kai miligiram 30 a rana ba. A jikin wannan yaro matatan sun saki. Duk filazmar da ke jijiyoyinsa ba ta wuce kusan kashi uku cikin huɗu na lita ba, don haka lokacin da yake lafiya albumin da ke yawo a cikinta wajen giram 30 ne, da wani a ajiye a tsakanin tsoka. Idan yana zubar da giram 2 ko 3 kullum, ƙodar kuma tana narkar da wani a hanya, hanta ko ta ninka ƙoƙari ba za ta cike giɓin ba. Kamar mai ɗiban ruwa ne a randar da ta tsage a gindi.

Dakon da ya tsaya

Riƙe ruwa rabin aikin ne. Albumin ɗan dako ne kuma: yana ɗaukar kitse, da kalsiyam, da bilirubin mai sa shawara, da magunguna da yawa. Wannan ne ya sa layin ƙarshe na takardar yake ruɗa mutane. Kalsiyam na mai lafiya yana tsakanin 2.2 da 2.6, na yaron kuwa 1.90, sai a zaci ya yi ƙasa ƙwarai. Amma kusan kashi 40 cikin 100 na kalsiyam ɗin jini a kan albumin yake hawa, don haka idan ɗan dako ya ragu, jimillar kaya a takarda ma sai ta ragu, ko da wanda jiki yake amfani da shi bai taɓu ba. Likitoci suna da lissafin gyara:

```
1.90 + 0.02 × (40 − 16) = 2.38
```

Da wannan lissafi kalsiyam ɗin yaron yana cikin iyaka. Ƙiyasi ne kawai, kuma yana raguwa a inganci idan albumin ya faɗi sosai, shi ya sa idan yaro yana ɗaurewar yatsu ko fizge-fizge ake auna sakakken kalsiyam kai tsaye maimakon dogaro da lissafi.

Lambar gulobulin ta 26 ita ma tana ɓoye labari. A ido tana cikin iyaka, amma a ƙarƙashinta ƙanana da matsakaitan gulobulin suna bin fitsari, manyan da ba sa iya wucewa kuma hanta ta ƙara yawansu, sai jimillar ta zauna kamar ba abin da ya faru. Cikin waɗanda suke zubewa akwai sojojin garkuwa, shi ya sa yaro mai wannan ciwo yake saurin kamuwa da cuta, musamman a ruwan da ya taru a cikinsa. Akwai kuma furotin mai hana jini daskarewa, wanda rashinsa kan sa gudan jini ya toshe jijiya. Waɗannan biyun, kamuwa da cuta da toshewar jijiya, sun fi kumburin kansa haɗari, ko da yake kumburin ne ake gani.

Inda masana suka saɓa

Bayanin da ya fi daɗewa yana cewa albumin ya faɗi, ruwa ya fice daga jijiyoyi, jini ya ragu a ciki, ƙoda ta ji kamar jiki ya bushe sai ta riƙe gishiri da ruwa, su ma su bi sahu zuwa tsoka. Wasu masana suka lura cewa marasa lafiya da yawa jijiyoyinsu a cike suke, wasu har da hawan jini, kuma ƙoda mai yoyo tana riƙe gishiri da kanta tun kafin albumin ya faɗi sosai. A yau an fi karkata ga cewa duka biyun suna faruwa, wani yaro ya fi kusa da na farko, wani da na biyu, kuma yaro ɗaya yana iya sauyawa daga wannan zuwa wancan cikin kwanaki.

Wannan saɓani yana da tasiri a gadon asibiti. Maganin sa fitsari, irin su furosemid, yana taimakon yaron da jijiyoyinsa suke a cike. Ga wanda ruwansa ya riga ya fice waje kuwa, maganin zai ƙwace ɗan abin da ya rage a ciki, jini ya yi kauri, ƙoda ta tsaya. Ana gane irin wannan yaro da sanyin tafin hannu da ƙafa, da saurin bugun zuciya, da ciwon ciki, da fitsari ɗan kaɗan, duk da cewa jikinsa ya cika da ruwa. Sayen ƙwayar fitsari a kemis don kumburi ya saɓe caca ce da ran yaro, domin daga waje yaran biyu kamarsu ɗaya.

Haka maganar ƙarin ruwan albumin. Iyaye da yawa suna ganin tunda albumin ne ya ragu, a sayo kwalbarsa a ɗaura. Masu goyon bayan yin hakan suna da hujja a wasu lokuta: idan alamun bushewar jijiyoyi sun bayyana, ko kumburin ya kai ga numfashi ko ya tsattsage fata. A nan ana ba da mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, rabin giram zuwa giram 1 ga kowane kilo, a hankali cikin kusan awa 4, sau da yawa tare da maganin fitsari. Masu taka-tsantsan kuma suna nuna cewa matatan ba su daina yoyo ba, don haka abin da aka saya da tsada zai bi fitsari cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma idan aka ɗaura wa yaron da jijiyoyinsa suke cike, ruwa yana iya hawa huhunsa. Ɓangarorin biyu sun yarda a kan abu ɗaya: ba a ɗaura albumin don lamba ta yi kyau a takarda.

Ba kowane kumburi ne na ƙoda ba

Albumin yana faɗuwa ta hanyoyi da yawa, kuma tsinken fitsari mai araha ne yake fara raba su. Idan fitsari ba shi da furotin, sai a dubi hanta. Babban mutum mai tsohon ciwon hanta nau'in B, wanda hantarsa ta ƙanƙance, ba ya ƙera albumin isasshe. Nasa kumburin yakan fi taruwa a ciki, gulobulin ɗinsa kuma yakan hau maimakon ya sauka. Zazzaɓi mai tsanani ko babban rauni su ma suna saukar da albumin cikin kwanaki, domin jijiyoyi suna ƙara yoyo, hanta kuma ta koma ƙera wasu furotin na yaƙi. Saboda haka lambar albumin ba ma'aunin abin da mutum ya ci ba ce kai tsaye.

Sai kuma kwashoko, wanda sunansa daga nan Ghana ya shiga littattafan likitancin duniya. Kalmar ta harshen Ga ce, ana fassara ta da ciwon yaron da aka ture daga nono saboda an yi masa ƙane. Dokta Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Accra, ita ce ta bayyana ciwon a rubuce a 1933, ta yi amfani da sunan a 1935, ta kuma danganta shi da yaran da aka yaye a kan kunun masara. An daɗe ana koyar da cewa rashin furotin ne ya saukar da albumin ya kawo kumburin. Daga baya wasu masu bincike suka ga kumburin yana saɓewa a asibiti kafin albumin ya tashi, sai suka ce akwai wasu dalilai, kamar lalacewar bangon jijiyoyi da ƙarancin wasu sinadarai. Muhawarar tana nan. A aikace ana gane shi da ramin da ke zama a bayan ƙafafu biyu bayan dannawa ta daƙiƙa 3, tare da sauyin gashi da fata, kuma maganinsa madara ce ta musamman da ake farawa da ita a hankali, ba irin maganin yaron Aboabo ba.

Abin da gida zai gani a makonnin magani

Maganin farko ga yaron misalinmu shi ne firednisolon, wanda yake toshe yoyon daga tushe. Kafin a fara akan duba ciwon hanta nau'in B, da ƙanjamau, da sikila, da tarin fuka, domin wasunsu suna iya zama sanadin yoyon, maganin kuma yana raunana garkuwa. Ƙa'idar ita ce miligiram 2 ga kowane kilo a rana, ba a wuce 60, kuma da nauyinsa na kafin kumburi ake lissafi. Kilo 16 ya ba da wajen miligiram 32, likita ta daidaita da girman ƙwayar. Ana sha kullum mako 4 zuwa 6, sannan a rage a koma kwana ɗaya bayan ɗaya na wasu makonni.

Sauƙi yana zuwa a jere. Tsinken fitsari ne yake fara sauka, daga 3+ zuwa 2+ zuwa babu, sau da yawa cikin mako biyu na farko. Sai yaron ya yi ta fitsari, nauyi ya koma wajen 16. Albumin na jini shi ne yake zuwa a ƙarshe, domin hanta tana buƙatar makonni ta cike abin da ya zube, don haka takardar da ta nuna 24 bayan kumburi ya tafi ba alamar gazawar magani ba ce. Ana cewa ciwon ya lafa idan fitsarin safiya ya fito babu furotin, ko ɗan alama kawai, kwana 3 a jere. Idan mako 4 ya cika yoyon bai tsaya ba, ana tura yaro ga likitocin ƙodar yara, kamar na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, inda za a iya ɗaukar ɗan ƙaramin yanki na ƙodar a duba.

Maganin yana sa cin abinci da yawa, yana kuma cika kumatu, har wasu iyaye su ɗauka kumburin ne ya dawo su daina bayarwa. Bambancin a yatsa yake: kumatun magani ba sa barin rami. Yanke firednisolon farat ɗaya bayan makonni yana da haɗari, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin a lokacin.

A tukunya, gishiri ne abin ragewa, tare da dunƙulen magi, da shito, da kifin gishiri irin su kobi da momoni. Ƙwai da wake da kifi ɗanye da aka dafa suna da kyau gwargwadon abin da yaro ya saba ci, amma tula masa ƙwai ba ya ɗaga lambar, domin ciki yana narkar da kowane furotin ya zama ƙananan gutsattsari, hanta ce take sake ƙera albumin daga gare su, kuma matatan da suke yoyo za su zubar da ƙarin. Maganin ƙarin jini ba shi da aiki a nan sai in gwaji ya nuna jajayen ƙwayoyin ma sun ragu.

Ciwon yana yawan dawowa, musamman bayan mura ko zazzaɓi, shi ya sa ake koya wa uwa tsoma tsinke a fitsarin farko ta rubuta a littafi. Idan ya nuna 3+ kwana 3 a jere, a koma asibiti ko da fuska ba ta kumbura ba. Zazzaɓi tare da ciwon ciki, ko ƙafa ɗaya da ta fi ɗaya kumbura tana zafi, ko ciwon kai mai tsanani, ko numfashi da kyar, ba sa jiran ranar ganin likita, ko da tsakar dare ne.